Nazarin lamari: yadda aka sake tsara takardun bita ga wata ɗaliba mai disleksiya kafin jarrabawar WAEC

Asalin lamarin

Yarinyar tana da shekara 17 a lokacin, tana ajin ƙarshe na babbar sakandare a wata makarantar jeka-ka-dawo a Zariya. Ni malamar darasin Gwamnati ce a wata makarantar daban, unguwa kawai muka haɗa. A farkon watan Oktoba na 2023 mahaifiyarta ta yi mini sallama da yamma, riƙe da littattafan rubutun yarinyar a cikin leda. Bayan mun gaisa ta ce, "Malama, don Allah ki duba mini yarinyar nan. Izu goma sha biyar ne a kanta, amma a boko kullum sai a ce ba ta ja."

Ba da ka suka zo ba. A ƙarshen shekarar da ta gabata kawun yarinyar ya kai ta an duba idonta da kunnenta, aka ce lafiya lau. Daga nan aka haɗa su da wani masani kan yadda yara ke koyon karatu, ya yi mata gwaje-gwaje, ya rubuta musu takarda cewa tana da disleksiya. Takardar na cikin ledar, an ninke ta huɗu, ba wanda ya yi aiki da ita tun da aka karɓo.

Disleksiya matsala ce ta haɗa harafi da sautinsa cikin sauri. Mai ita yana ganin haruffan sarai, kuma basirarsa ba ta da wani naƙasu, sai dai abin da wani ke yi ba tare da ya san yana yi ba, wato ya kalli kalma ya gane ta nan take, shi sai ya tsaya ya warware ta harafi bayan harafi. Kafin ya kai ƙarshen jimla ƙarfinsa ya ƙare a kan warwarar, farkon jimlar kuma ya gudu. Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya raɗa mata wannan suna a 1887, sannan a 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da bayanin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin ƙwaƙwalwa wanda karatu ya gagare shi. Turanci yana tsananta abin, domin sauti ɗaya yana iya zuwa da rubutu iri-iri. Bokon Hausa ya fi bin lafazi, shi ya sa yarinyar ta fi sakewa a cikinsa, ko da yake b da d da ɓ da ɗ suna yi mata gardama.

Na gaya wa mahaifiyar iyakar abin da zan iya. Koya wa mai disleksiya karatu daga tushe aikin ƙwararru ne, kuma yana ɗaukar shekaru. Mu wata bakwai ya rage mana kafin jarrabawa. Abin da ke hannuna shi ne takardun da take bita da su.

14 ga Oktoba 2023: awon farko

Na fara da littafinta na Gwamnati. Rubutun da aka kwafa daga allon aji ne, kuma ana ganin inda aka goge allo kafin ta gama, sai jimla ta yanke a tsakiya wata ta hau. A shafi ɗaya ta rubuta sunan Gwamna Macpherson iri uku. Tsarin mulkin Richards ta sa masa shekarar 1964, alhali 1946 ne. Da wannan littafin take zama kowane dare tana bita.

Na ba ta sakin layi mai kalma 200 daga littafin darasi na Turanci, na ce ta karanta a fili ina riƙe da agogo. Ta gama cikin minti 3 da daƙiƙa 20, wato kalma 60 a minti, da kuskure 14. Na yi mata tambaya 10 a kan abin da ta karanta, ta ci 3. Sai na ɗauki wani sakin layin mai irin wannan tsawo da nauyi, ni na karanta mata tana saurare. A tambaya 10 ta ci 8.

Muka yi alkawarin haɗuwa sau uku a mako, da gwaji kowace Asabar: tambaya 20 a rubuce kan abin da aka bi a makon, ita za ta karanta tambayoyin da kanta, tunda a zauren jarrabawa ba mai karanta mata. A gwajin farko ta samu 6.

Oktoba zuwa Nuwamba: taƙaitaccen bayani da alƙalamin haskakawa

Abu na farko da na yi shi ne abin da nake yi wa ɗalibaina. Na ba ta taƙaitawar da na buga a kwamfuta, tarihin tsarin mulkin Nijeriya daga 1922 zuwa 1963 a matse cikin shafi biyu. An buga ta da Times New Roman mai girman 11, an raba shafin gida biyu, layukan sun miƙe sun cika gefe da gefe, gaba da bayan takarda duk rubutu. Na haɗa mata da alƙalamin haskakawa ruwan ɗorawa, na ce ta riƙa shafa muhimman wurare.

Gwajin makonni huɗu ya ba da 7, 6, 8 da 7.

A mako na uku na zauna kusa da ita ina kallon yatsarta. Idan ta kai ƙarshen layi za ta dawo, sai ta faɗa layin da ta riga ta karanta ko ta tsallake ɗaya, kuma ba ta gane ta yi hakan sai ta ji maganar ba ta haɗu ba. Rubutun bayan takardar yana leƙowa ta gaba. Shafin kuwa ya koma ruwan ɗorawa kusan duka, domin kafin mutum ya zaɓi muhimmi sai ya iya zagaya shafin da ido ya auna wannan da wancan, ita kuwa kowace kalma daidai take da 'yar'uwarta a wajen wahala.

A cikin wannan watan ne yayanta ya sauko da wani salon haruffa mai suna OpenDyslexic, wanda ƙasan haruffansa ke da kauri, ya kuma samo wata leda shuɗiya mai haske da ake ɗorawa kan shafi. Mun gwada kowanne mako guda. Kalma 200 da sabon salon sun ɗauke ta minti 3 da daƙiƙa 15, bambancin daƙiƙa biyar ke nan. Ledar kuma ta ce duhu take ƙara mata da daddare. Binciken da aka yi a kan irin waɗannan haruffa na musamman da ledoji masu launi shi ma bai nuna suna ƙara saurin karatu ko rage kuskure ba. Muka ajiye su.

Disamba: dogon saƙon murya

Tunda awon farko ya nuna kunnenta ya fi idonta kamawa, sai na karanta babin tsarin mulki gaba ɗaya na tura a WhatsApp ta wayar mahaifiyarta. Tsawonsa minti 38. Yarinyar ta ji daɗinsa ƙwarai. Tana wanke-wanke tana ji, tana shara tana ji, mahaifiyar har ta aiko mini da godiya cewa yanzu kam ana karatu a gidan.

Ranar 16 ga Disamba ta samu 9 cikin 20.

Muka bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Uku daga cikin waɗanda ta faɗi ta san amsarsu, da na karanta mata tambayar da baki nan take ta amsa. Sunan Lyttelton, wanda ake kiran tsarin mulkin 1954 da shi, yana bakinta, amma da ta gan shi a takarda ba ta shaida shi ba, tunda mako uku tana jin sa ba ta taɓa ɗora ido a kansa ba. Abubuwan tsarin 1951 da na 1954 sun cakuɗe mata, saboda a cikin sautin suna bin juna ba shinge. Idan tana son komawa wani wuri, sai ta yi ta jan ɗigon nan gaba da baya, in ta gaji ta mayar farko. Saboda haka mintuna goman farko ta ji su ya fi sau ashirin, na ƙarshe kuwa yawanci barci ya ɗauke ta kafin a kai. Ga shi wayar ba tata ba, in Hajiya ta fita unguwa karatu ya fita da ita.

Mun kuma gwada muryar da waya ke karanta rubutu da ita. Hoton shafin da aka rubuta da hannu bai karantu ba, wanda aka buga kuma ta karanta shi, sai dai tana karya sunayen mutane da garuruwan Nijeriya yadda yarinyar ba ta gane su.

A hutun ƙarshen shekara na shiga gidansu bayan magariba na tarar tana tishin hadda. Na zauna ina kallo. Ayoyi kaɗan take ɗauka, yatsa a kan layi, ta maimaita yadda malaminsu ya biya mata, ta rufe, ta kawo da ka, in ta kakare ta buɗe ta duba wurin kaɗai. Da ta gama na tambaye ta me ya sa wannan ke zama, wancan ba ya zama. Ta ce, "Anti, ai a Islamiyya ba a ba mu shafi guda rana ɗaya. Kuma in an biya mana sai an ce mu kawo."

Janairu 2024: gutsuttsura bayanin

Ranar 6 ga Janairu muka fara da kati. Takardar A4 ce ake ninkewa biyu. A rabi ɗaya lambar katin da tambaya guda, a ɗaya rabin amsa. Da yake a fuska ɗaya kawai ake bugawa, ba rubutun da ke leƙowa ta baya. Dokar ita ce kati ɗaya tambaya ɗaya, amsa kuma kada ta wuce maki huɗu, domin abin da mutum ke iya riƙewa a ka lokaci guda bai cika wuce hakan ba, balle wanda rabin ƙarfinsa ke tafiya wajen warware kalmomi.

Ga yadda muka yi da tsarin mulkin Clifford. A littafinta sakin layi ɗaya ne mai kalma wajen 130, an zuba komai a ciki. Ya zama kati huɗu. Da Turanci aka rubuta su tunda da shi za ta amsa jarrabawa, amma ga abin da suka ƙunsa.

Kati na 11 ya tambaya wane ne ya kawo tsarin kuma yaushe. Amsa: Gwamna Hugh Clifford, a 1922. Kati na 12 ya tambaya wane sabon abu tsarin ya zo da shi. Amsa: ya kawo zaɓe cikin majalisar dokoki, kujeru huɗu ake zaɓa, uku na Legas, ɗaya na Kalaba. Kati na 13 ya tambaya wa ke da ikon jefa ƙuri'a. Amsa: namiji baligi mai samun fam 100 a shekara. Kati na 14 ya tambayi illolinsa. Amsa: Arewa ba ta cikin ikon majalisar don gwamna ke yi mata doka da kansa, jami'an gwamnati ne suka fi yawa a majalisar, gwamna na iya hawa kujerar na-ƙi, babu ɗan ƙasa ko ɗaya a majalisar zartarwa.

Ba abin da aka zubar daga cikin sakin layin. An dai raba shi ne bisa tambayoyin da mai jarrabawa kan yi.

A makon farko na yi kuskuren datsewa fiye da kima. Kati na 12 da farko cewa kawai ya yi "zaɓe, 4, 3 da 1". Ta haddace shi tsaf, amma da na ce ta rubuta shi a jimla sai ta tsaya, ba ta san uku na mene ne ba. Na sake katunan makon duka, kowane maki ya zama cikakkiyar jimla mai aikatau, gajera, wadda ba ta wuce kalma goma ko sha biyu ba.

Shekaru sun buƙaci nasu aikin daban, saboda lambobi ma juya mata suke yi. A katin Richards na raba shekarar da ɗan fili, 19 46, na rataye ta a kan abin da ta riga ta sani: Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, shekarar da ta biyo baya aka yi tsarin da ya raba ƙasar yanki uku, Arewa, Yamma da Gabas. Wanda ya riƙe wannan ba zai ce 1964 ba, tunda a lokacin an riga an samu 'yancin kai. Tsarin Macpherson na 1951 da na Lyttelton na 1954 kuwa na sa musu kati a tsakani, na shekarar 1953: ƙudurin Anthony Enahoro na neman mulkin kai a 1956, da rikicin Kano na watan Mayu da ya biyo baya. Daga ranar da ta ji wannan labarin ta daina haɗa su. Na Macpherson ne ya rushe saboda rikicin, na Lyttelton kuma aka yi shi don a gyara, shi ne ya kafa tarayya sosai har kowane yanki ya samu firimiyarsa.

Fasalin shafi

Na bi shawarwarin da ƙungiyar masu disleksiya ta Birtaniya ke bayarwa kan rubutu, na kuma gwada kowanne a kanta. Haruffan Arial ne mai girman 14, kan magana 18 mai kauri. A Word na sa Line spacing a kan 1.5, na zaɓi Align Left don layuka su jingina da hagu kawai. Dalilin wannan na ƙarshen shi ne idan aka tilasta wa layi ya cika gefe da gefe, filin da ke tsakanin kalmomi yakan bambanta daga layi zuwa layi, kuma ƙarshen layukan duk ya zama iri ɗaya, ido ya rasa alamar da zai gane inda ya tsaya. Na bar ja wa kalma layi a ƙasa, na bar karkatattun haruffa, na bar rubuta kan magana da manyan baƙaƙe zalla. Kalma ɗaya tak ake kaurarawa a kowane maki. Na kuma ɗan buɗa tsakanin haruffa ta Font, Advanced, Spacing, Expanded. Wani bincike da aka buga a 2012 kan yaran Italiya da Faransa masu disleksiya ya nuna ƙarin fili tsakanin haruffa ya rage musu kuskure. A ƙasan kowane kati akwai ɗan akwati da kalma mafi wuya a cikinsa, an raba ta gaɓa-gaɓa.

Takarda mai ruwan madara ita ta zaɓa da kanta, ta ce fara tana ɗaukar mata ido a ƙarƙashin fitilar caji.

Sau biyu aikin ya lalace a shagon buga takardu. Karo na farko yaron shagon ya ga fili da yawa a shafukan, sai ya rage girman rubutun ya haɗe kati biyu-biyu, da nufin ya rage mini kuɗin takarda. Karo na biyu katunan darasin Hausa ne, ɗ da ƙ da ɓ suka fito da wani salon daban, wasu ma suka zama akwatuna. Daga nan na koma ajiye komai a PDF kafin in kai, katunan Hausa kuma na yi su da haruffan Andika, waɗanda aka tsara don masu koyon karatu kuma lanƙwasar haruffanmu tana fita sarai a cikinsu.

Sauti karo na biyu

Kowane kati ya samu nasa sautin, daƙiƙa 60 zuwa 90, kuma tsarin bai taɓa canzawa ba. Nakan faɗi lambar katin, in karanta tambayar da Turanci yadda za ta zo a jarrabawa, sannan in yi shiru na daƙiƙa biyar cur. A cikin shirun nan ne take kawo amsa da bakinta. Sai in karanta amsar a hankali, kalma da kalma yadda take a katin ba ƙari ba ragi, don yatsarta ta iya bin muryata. Bayan nan in yi bayani da Hausa cikin jimla biyu ko uku, in ƙare da jero haruffan kalmar da ke cikin akwati.

Sunayen fayilolin haka suke:

```
GOV-011.mp3
GOV-012.mp3
GOV-013.mp3
```

Sifirin da ke gaba shi ke sa waya ta jera su daidai, in babu shi sai 100 ta riga 11 fitowa. Muka zuba su a memori muka sa a wata ƙaramar waya mai madannai da ba kowa ke amfani da ita a gidan. Ba data, ba saƙon da zai shigo ya ɗauke hankali, caji kuma yana kwanaki. Sautin magana na minti ɗaya bai fi rabin megabait ba in an matse shi, saboda haka wuri bai zama matsala ba. Bayan sallar asuba nake ɗauka, kafin unguwa ta tashi, fanka a kashe, wayar kamar taƙi ɗaya daga bakina.

Sauraro ma an sa masa doka. Ji na farko kati a buɗe, yatsa a ƙarƙashin layi. Ji na biyu kati a ninke, ta amsa a cikin shirun sannan ta buɗe ta duba. Sai daga ji na uku ne aka yarda ta haɗa da wanke-wanke.

Sabon kati biyar take ɗauka a rana, zama biyu na minti ashirin-ashirin. Tsofaffin kuma suna cikin ambulan uku. Na farko kullum ake duba shi, na biyu bayan kwana uku, na uku ranar Asabar. Katin da ta amsa daidai ya matsa gaba, wanda ta faɗi ya koma ambulan na farko ko daga ina ya fito.

Gwajin Asabar ya ba da 11, 13, 12 da 14 a makonni huɗun farko. Ranar 24 ga Fabrairu ta samu 16.

Maris zuwa Afrilu: jarrabawar gwaji da azumi

A jarrabawar gwajin da makarantarsu ta yi a watan Maris ta samu 33 cikin tambayoyin zaɓi 50, bakwai ba ta kai kansu ba lokaci ya cika. Takardar dogon bayani kuwa ba ta yi kyau ba. An ce a kwatanta tsarin 1951 da na 1954, sai ta jero makin wannan kati, ta jero na wancan, ba jimla ɗaya da ta haɗa su. Gutsattsarin sun zauna, amma kowanne a ɗakinsa.

Muka manna takarda huɗu a tsaye a bangon ɗakinta, muka ja layi daga 1914 zuwa 1979, kowace shekara da sunanta da lambobin katunanta a gefe. Na ƙara wasu sautuka na minti uku-uku da muke kira gada, kowanne yana bayanin abin da ya gaza a tsari ɗaya har aka yi na gaba. Tambayoyin kwatance suka samu jadawali mai gida biyu da layi huɗu. Kafin ta rubuta dogon bayani kuma, sai ta fara faɗin amsar a waya, ta saurari kanta, ta rubuta kalma ɗaya ga kowane maki a gefen takarda, sannan ta soma.

Azumi ya kama a wajen 11 ga Maris. Muka rage sabon kati zuwa uku, aka mayar da babban zaman bayan sahur. Maki ya tsaya tsakanin 14 da 15 har aka yi salla.

Zuwa lokacin katunan Gwamnati sun kai 212. Kowanne, daga rubutawa zuwa ɗaukar murya, yana cin minti goma sha biyar, jimilla awa 53 ke nan. Ban iya yi wa sauran darussa haka ba. Ita da yayanta suka yi na darasin Addinin Musulunci da na Adabi, shi yana bugawa, ita tana ɗaukar muryar kanta bayan ya biya mata. A Lissafi sautin bai yi komai ba, mataki bakwai na warware lissafi ba ya zama a kunne. Muka koma takarda mai gidaje, mataki ɗaya a layi ɗaya, amma a makare.

Ranar 20 ga Afrilu na maimaita awon Oktoba. Sabon sakin layi mai kalma 200 a bugun littafi na yau da kullum ya ɗauke ta minti 3 da daƙiƙa 5, kalma 65 a minti, kuskure 11. Wani makamancinsa a fasalin katunanmu ya ɗauki minti 2 da daƙiƙa 40, kalma 75 a minti, kuskure 6. Ganin wannan tazarar, sai muka ba da sauran kwanakin ga tsofaffin takardun jarrabawa a ainihin ƙananan haruffansu, tana bin layi da rula, agogo a gabanta: tambaya 50, awa ɗaya.

Mayu zuwa Agusta: sakamako

Ta zauna jarrabawar a watannin Mayu da Yuni, sakamako ya fito a Agusta. Gwamnati B3, Addinin Musulunci B2, Hausa B3, Adabi C6, Turanci D7, Lissafi E8. Tunda shiga jami'a na buƙatar kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, iyayenta suka yi mata rajistar jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara.

Abin da na gani a ciki

Saurin karatunta kusan bai motsa ba, daga 60 zuwa 65 cikin wata shida. Disleksiyar tana nan yadda take. Abin da ya canza shi ne yawan ƙarfin da take kashewa kafin ta isa ga ma'ana, kuma darussan da suka amfana su ne waɗanda ilminsu ke shiga ta kunne ya fita ta gajeriyar jimla. Turanci, inda karatun kansa ake gwadawa da rubutun da ba ta taɓa gani ba, bai amfana ba sai kaɗan.

Taƙaitawar Oktoba ta gaza ne don na rage yawan shafi ta hanyar ƙara cunkoso, alhali cunkoson ne ciwon. Sautin Disamba ya fi haɗari, domin kowa a gidan ya ɗauka ana ci gaba. Jin abu sau da yawa yana sa mutum ya saba da shi har ya zaci ya iya, kuma ba abin da ke tona hakan sai tambaya a rubuce. A ganina daƙiƙa biyar ɗin nan na shiru, da yatsa a kan layi a ji na farko, su suka raba sautin Janairu da na Disamba: ɗaya ya tilasta mata ta ciro amsa daga kanta, ɗayan ya ɗaure lafazin kalma da siffarta. Kati, fasali da sabon sauti a rana ɗaya suka fara aiki, don haka hawan maki daga 9 zuwa 16 nasu ne su uku a haɗe. Awon 20 ga Afrilu ne kaɗai ya ware fasalin shi kaɗai, ya nuna ƙarin kalma goma a minti da raguwar kuskure kusan rabi.

Abu biyu na yi a makare. Layin shekarun nan na bango ya kamata ya hau tun ranar kati na farko, domin gutsuttsurawa tana kashe alaƙar da ke tsakanin abubuwa in ba a tanadi inda za a mayar da su ba. Sannan wata uku na farko da suka tafi a gwaje-gwajen da ba su yi ba, da an same su, da Lissafi ya samu malamin da ya san shi tun Janairu, da Turanci ya samu zaman karatun fili na minti goma kullum ban da bitar. Da waɗannan biyun muka fara a watan Satumba, ita kuma ta riga ta ninke takarda talatin na ƙa'idojin nahawun Turanci kafin in ce ta yi.